Wayoyi tara da umarni uku: nasiha ga masu koyon gina furosesa

Duk ɗalibin da ya zauna a ajin tsarin kwamfuta ya san wani ɗan jadawali mai layi huɗu, cike da sifili da ɗaya da alamar X. Malami kan zana shi a allo bayan ya gama zana hanyar bayanai ta furosesar MIPS, ɗalibai kuma su kwafe shi da sauri don kowa ya ji labarin yana fitowa a jarrabawa. Daren jarrabawa sai a ga yaro ya rufe ido yana biya shi kamar mai tilawa: sifili, ɗaya, ɗaya, ɗaya, ɗaya, sifili. Da safe ya juye shi a takarda, ya ci makinsa. Bayan mako biyu a ba shi aikin haɗa furosesar a Logisim, ya maƙala waya ɗaya inda ba wurinta ba, ya kwana uku yana neman abin da ya lalace bai gano ba.

Hadda ba laifi ba ce, amma wannan jadawalin ba na hadda ba ne. Kowane sifili da kowane ɗaya da ke cikinsa amsa ce ga tambayar da ɗalibi zai iya yi wa kansa yana kallon zane. Wanda ya iya tambayoyin zai fitar da jadawalin a minti biyar ko da ya manta shi sarai.

MIPS ta samo asali ne daga aikin da John Hennessy ya jagoranta a Jami'ar Stanford tun 1981, ta kuma shiga na'urori na gaske, ciki har da PlayStation ta farko da Nintendo 64. Zanen da ake koyarwa a aji, wanda littafin David Patterson da John Hennessy ya yaɗa a duniya, sauƙaƙaƙƙe ne: kowane umarni yana farawa ya ƙare cikin bugun agogo ɗaya. Rajistar `PC` tana riƙe da adireshin umarni, a ɗauko umarnin daga ma'adanar umarni, a karanta rajistoci biyu cikin 32 da ake da su, ALU ta yi lissafi, in da buƙata a taɓa ma'adanar bayanai, in da buƙata a rubuta sakamako a rajista. Agogo na sake bugawa, sai na gaba.

Abu na farko da ya kamata ya zauna a kan ɗalibi shi ne, a wannan zanen babu sashen da ke hutawa. Da zarar umarni ya fito, bit 32 ɗinsa sun bazu a wayoyi, kowane sashe kuma yana aikinsa ko ana so ko ba a so. Rajistoci biyu ana karanta su kullum. Sashen da ke lissafa inda za a yi tsalle yana lissafawa kullum, ko da umarnin ba na tsalle ba ne. Ya yi kama da filin noman rani: ruwa na gudu a babbar magudana ba tsayawa, aikin manomi shi ne ya buɗe wannan bakin ya datse wancan. Babban sashen sarrafawa shi ne manomin. Ba ya lissafin komai. Yana duba bit 6 na farkon umarni, daga 31 zuwa 26, ya kunna ko ya kashe wayoyi tara.

Wayoyin kuma ba iri ɗaya ba ne, nan ne asirin yake. `RegDst` da `ALUSrc` da `MemtoReg` mazaɓa ne, kowanne yana tsaye a mararraba yana zaɓar ɗaya cikin hanyoyi biyu. `ALUOp`, mai waya biyu, tana faɗa wa ALU irin lissafin da za ta yi. Su kuwa `RegWrite` da `MemWrite` izini ne na a canja abin da na'ura ta ajiye, `Branch` ma danginsu ce domin ita ke ba da damar a karkatar da `PC`. Ta ƙarshe, `MemRead`, izinin karanta ma'adana ce. Kuskuren mazaɓi yakan tafi a banza idan abin da ya zaɓo ba a ajiye shi ko'ina ba. Kuskuren izini kuwa ba ya goguwa, don abin da aka rubuta ya rubutu.

A ɗauki ɗan gajeren shiri, a bi shi ƙafa da ƙafa. Lambobin hagu adireshin umarnin ne.

```
400: lw  $t0, 8($s1)
404: sw  $t1, 12($s1)
408: beq $t0, $t1, L     # L = 424
```

A ce `$s1` tana ɗauke da 2000, `$t1` tana ɗauke da 75, `$t0` tana da wata tsohuwar lamba, 16, sannan a adireshi na 2008 cikin ma'adana an ajiye 75.

Umarnin farko yana cewa ne a je ma'adana, a adireshin da ya ɗara `$s1` da 8, a ɗauko abin da ke can a zuba a `$t0`. A cikin na'ura haka yake kwance:

```
op      rs     rt     imm
100011  10001  01000  0000000000001000
```

Lambar aikin 35 ce, `rs` rajista ta 17 wato `$s1`, `rt` rajista ta 8 wato `$t0`, sauran bit 16 kuma tazara ce, 8. Yanzu ɗalibi ya ɗora yatsa a zane ya fara tambaya. Me ALU za ta yi? Za ta tara 2000 da 8. Hannunta na farko ya riga ya karɓi `rs`. Hannu na biyu yana da zaɓi tsakanin rajistar `rt` da tazarar da aka faɗaɗa zuwa bit 32, kuma tazarar ake so, saboda haka `ALUSrc` ɗaya ce. Lissafin tarawa ne, `ALUOp` ta zama 00. Sakamakon 2008 ya isa bakin ma'adana. Karatu za a yi, `MemRead` ɗaya, `MemWrite` sifili. Ma'adana ta fito da 75. A mararraba ta gaba akwai 2008 ɗin da ALU ta bayar da 75 ɗin da ma'adana ta bayar, ana son na ma'adana, `MemtoReg` ɗaya. Za a rubuta a rajista, `RegWrite` ɗaya. A wace rajista? A `rt`, bit 20 zuwa 16, saboda haka `RegDst` sifili. Ba tsalle, `Branch` sifili. Layin `lw` ya cika, kuma babu X ko ɗaya a cikinsa, domin shi ne umarnin da ke ratsa kowane sashe.

Ya kamata a daɗe a kan `RegDst`, don ita ce mai yaudara. Umarnin lissafi irin su `add` suna rubuta sakamakonsu a `rd`, bit 15 zuwa 11. Shi `lw` ba shi da `rd`. Waɗannan bit biyar ɗin su ne saman tazararsa. Amma wayoyin suna nan a haɗe, ba su san bambanci ba. Idan ɗalibi ya sa `RegDst` ɗaya bisa kuskure, na'ura za ta ɗauki bit biyar na saman tazarar 8, waɗanda duk sifili ne, ta ce a rubuta a rajista ta 0. Rajista ta 0 kuwa a MIPS ita ce `$zero`, duk abin da aka zuba mata ya ɓace, tana nan sifilinta. Babu ƙara, babu jan rubutu a allo. `$t0` kawai za ta zauna da 16 ɗinta kamar ba a yi komai ba. In kuma tazarar ta ƙasa da sifili ce, kamar `-4($s1)`, bit biyar ɗin duk ɗaya ne, wato rajista ta 31, `$ra`, mai riƙe da adireshin komawa bayan kiran wani sashen shiri. Ita za a tattake, shirin ya ci gaba lafiya har lokacin komawa, sannan ya faɗa wani wuri da ba wanda ya aike shi. Wanda ya ga `lw` ba ta canja rajistar da aka ambata ba, ko ya ga `$ra` ta canja ba dalili, ya fara duba wannan wayar.

Kuskuren `ALUSrc` a nan ma ba ya ihu. In ta zama sifili, ALU za ta tara `$s1` da tsohon abin da ke `$t0`, 2000 da 16, a je 2016 a ɗauko abin da ke can. Adireshi ne mai kyau, huɗu kuma tana raba shi daidai, ma'adana ba za ta yi gardama ba. Alamar wannan ciwon ita ce, duk yadda aka canja tazara a shirin sakamakon bai motsa ba.

Umarni na biyu, `sw`, mai lambar aiki 43, rabinsa na farko tagwayen `lw` ne: `ALUSrc` ɗaya, `ALUOp` 00, ALU ta fitar da 2012. Daga nan suka rabu. A `lw` rajistar `rt` wurin zubawa ce, a `sw` wurin ɗebowa ce. Ɗalibi ya bi wayar da ta fito daga ƙofar karatu ta biyu ta rajistoci, zai ga ta rabu biyu kafin mazaɓin `ALUSrc`: reshe ɗaya ya shiga mazaɓin, ɗaya ya zarce kai tsaye zuwa ƙofar rubutu ta ma'adana. Ta wannan reshen 75 ke tafiya. Shi ya sa zaɓar tazara domin ALU bai hana `$t1` isa ma'adana ba. Wanda ya ɗauko wayar daga bayan mazaɓin a nasa zanen zai tarar da 12 a adireshi na 2012 maimakon 75, ya yi ta zargin jadawali alhali jadawalin ba ruwansa. `MemWrite` ɗaya, `MemRead` sifili, `Branch` sifili, `RegWrite` sifili.

Saura `RegDst` da `MemtoReg`, kuma a nan X ta fara bayyana. Ɗaya tana zaɓar rajistar da za a rubuta wa, ɗaya tana zaɓar abin da za a rubuta. Tunda `RegWrite` ta rufe ƙofa, duk abin da suka zaɓo zai tsaya a bakin ƙofa har agogo ya buga ya shuɗe. X ba ta nufin wayar ba ta ɗauke da komai. A na'urar gaske ko dai sifili ce ko ɗaya. Ma'anarta ita ce kowanne ta zama, sakamakon ɗaya ne, mai haɗa da'ira kuma yana amfani da wannan 'yancin ya rage yawan ƙofofin da zai gina. Abin lura shi ne X ɗin aro ce, `RegWrite` ce ta ara musu. Ranar da `RegWrite` ta zama ɗaya, aron ya ƙare.

A gwada hakan a ga. A ce ɗalibi ya kwafo layin `lw` ya gyara shi ya zama na `sw`, ya mai da `MemtoReg` sifili, amma ya manta `RegWrite` a ɗaya. Ma'adana za ta karɓi 75 a 2012 daidai, duk wanda ya duba zai ce `sw` tana aiki. Amma a bugun agogon nan ɗin, `$t1` ta karɓi sakamakon ALU, ta koma 2012. Sai umarni na uku ya zo ya kwatanta 75 da 2012, ya ga ba daidai suke ba, ya ƙi tsalle. Ɗalibi zai ce `beq` ce ta lalace. Zai kwance ta, ya sake haɗa ta, ya canja wayoyinta, har asuba, ita kuwa lafiyarta ƙalau. Ɓarnar an yi ta ne a umarnin da ya gabace ta. Wannan shi ne halin kuskuren izini: wurin da ya bayyana daban, wurin da aka yi shi daban.

Shi `beq`, mai lambar aiki 4, ba ya ajiye komai a rajistoci ko a ma'adana. Tambaya ɗaya yake yi: rajistocin nan biyu daidai suke? Hanyar tambayar ita ce a ɗebe ɗaya daga ɗaya a ga ko an samu sifili. Don haka `ALUOp` 01 ce, ɗebewa, `ALUSrc` kuma sifili domin rajista ake so a hannu na biyu. 75 a cire 75, sifili, ALU ta ɗaga wayarta mai suna `Zero`.

Nan ɗalibai da yawa ke tuntuɓe. Sun ga `beq` yana da tazarar bit 16 kamar `lw` da `sw`, sai su ɗauka `ALUSrc` ɗaya ce a nan ma. Tazarar tana nan, amma ba ta bi ta ALU. Tana da nata mai tarawa can a saman zane. A misalin nan tazarar da ke cikin umarnin 3 ce, kuma umarni take ƙirgawa, ba bayit ba. Kowane umarni bayit huɗu ne, sai a ture ta gida biyu zuwa hagu, wato a ninka ta sau huɗu, ta zama 12. Ana kuma ƙirga ne daga umarnin da ke biye, 412, ba daga 408 ba. 412 da 12 sun ba da 424. Idan aka sa `ALUSrc` ɗaya, lissafin inda za a dira bai taɓu ba, tambayar ce ta canja: na'ura za ta kwatanta `$t0` da tazarar kanta, ta yi tsalle ne kawai in `$t0` ta zama 3. Shirin da ke zagaye yana jiran rajistoci biyu su daidaita zai yi ta zagayawa ba fita.

Dole ce ta sa zanen nan ya ware wa tsalle nasa mai tarawa. A bugun agogo ɗaya sashe ba ya aiki biyu. ALU tana kan kwatantawa, wani mai tarawa yana ƙara 4 a `PC`, na uku yana lissafa wurin dira, duk a lokaci guda. Dalilin nan ne ma ya sa aka raba ma'adanar umarni da ta bayanai.

To, mene ne aikin `Branch`, tunda `Zero` ta riga ta ba da amsa? Mazaɓin da ke gaban `PC` yana bin wannan ƙa'idar:

```
PCSrc = Branch AND Zero
```

`PCSrc` ba ta cikin wayoyin da babban sashen sarrafawa ke fitarwa, domin shi lambar aiki kaɗai yake gani, bai san abin da ke cikin rajistoci ba. Shi yana cewa umarnin nan na tsalle ne, ALU tana cewa sharaɗin ya cika, sai an haɗa bakin biyu. Ita `Zero` ba ta san `beq` ba. Duk lokacin da sakamakon ALU ya zama sifili sai ta tashi. A ce an bar `Branch` a kunne a wani umarni kamar `sub $t2, $t0, $t1`, lambobin biyu kuma suka zo daidai. Mai tarawa na sama, wanda ba ya hutawa, ya riga ya ɗauki bit 16 na ƙasan umarnin a matsayin tazara. A wannan umarnin sun ba da 20514, a ninka sau huɗu, 82056. Na'ura za ta yi tsallen bayit dubu 82 zuwa gaba, ta dira a fili. Kuma za ta yi haka ne kawai ranar da sakamako ya zama sifili, wato gwaji goma na iya wucewa lafiya kafin na sha ɗaya ya tona asiri.

`RegWrite` da `MemWrite` a `beq` duka sifili ne, `RegDst` da `MemtoReg` kuma X, bisa dalilin da aka gani a `sw`. Wanda ke ganin `MemWrite` ba ta da muhimmanci a nan ya duba abin da ke bakin ma'adana a wannan lokacin: adireshi sifili daga ALU, bayani 75 daga `rt`. Izini kawai ake jira. Ga abin da aka tattara, ba tare da an haddace komai ba:

```
     RegDst ALUSrc MemtoReg RegWrite MemRead MemWrite Branch ALUOp
lw     0      1       1        1        1       0       0     00
sw     X      1       X        0        0       1       0     00
beq    X      0       X        0        0       0       1     01
```

A duba ginshiƙan `RegWrite` da `MemWrite` da `Branch`. Ba X ko ɗaya, kuma kowane umarni cikin ukun yana kunna guda ɗaya tak. Wanda ya rubuta layi ya ga biyu a kunne ya san ya yi kuskure tun kafin ya taɓa Logisim.

`MemRead` ta ɗan bambanta, kuma ɗalibi mai kaifi zai yi gardama a kanta. Zai ce karatu ba ya ɓata komai, me ya hana ta zama X a `beq`? A ma'adanar wasa ta aji yana da gaskiya, shi ya sa littafin David Harris da Sarah Harris bai ma sa wannan wayar a zanensa ba. A na'urar gaske kuwa karatu na iya barin tabo. Sakamakon ɗebewar `beq` ba adireshi ba ne, lamba ce kawai, tana iya nuna wurin da ba a yarda a karanta ba. Akwai kuma adireshin da ba ma'adana ce a bayansu ba, na'urorin shigar da bayanai ne, inda karantawa kaɗai kan cire harafi daga layin jira. Ra'ayin wannan marubucin shi ne a bar ta sifili duk inda ba a buƙace ta ba, a jarrabawa kuma a bi zanen da malami ya bayar.

Game da `ALUOp`, akwai dalilin da ya sa `lw` da `sw` ke ba da 00 kai tsaye. Idan ta zama 10, ƙaramin sashen da ke sarrafa ALU zai duba bit 6 na ƙarshen umarni ya ɗauki aikin daga can, yadda ake yi wa `add` da `sub`. A `lw` waɗannan bit ɗin wutsiyar tazara ce. Abin dariyar shi ne tazarar 32 a bit shida ita ce 100000, daidai da lambar `add`. Ɗalibin da ya yi wannan kuskuren ya kuma gwada da `32($s1)` zai ga komai daidai ya tafi cin abinci. Ranar da aka sa 36, wato 100100, lambar `and`, ALU za ta haɗa 2000 da 36 ta wata hanya dabam, adireshin ya fito shirme. Gwaji da tazara ɗaya ba gwaji ba ne. A gwada da sifili, da ƙarama, da babba, da ta ƙasa da sifili, don ta ƙarshen ce ke nuna ko faɗaɗa tazara daga bit 16 zuwa 32 yana kwafar bit na 15 yadda ya kamata.

Masu rubuta sashen sarrafawa da Verilog suna da nasu ramin. Mutum ya buɗe `case` a kan lambar aiki, a layin `sw` ya sa `MemWrite` ɗaya, a layin `beq` ya manta bai ambace ta ba. Harshen ba ya ɗaukar shiru a matsayin sifili. Yana ɗaukar shi a matsayin a riƙe abin da ke nan, sai `MemWrite` ta zauna a kunne daga `sw` ta bi `beq`, ga 75 a adireshi sifili. Manhajar haɗa da'ira takan yi gargaɗi mai ɗauke da kalmar `latch`, gargaɗin da yawancin ɗalibai ke tsallakewa saboda yana cikin tarin rubutu. Maganin layi biyu ne a saman shirin, kafin `case`:

```
RegWrite = 0; MemWrite = 0;
MemRead  = 0; Branch   = 0;
```

Da haka umarnin da aka manta, ko lambar aikin da ba a sani ba, zai wuce ba tare da ya taɓa rajista ko ma'adana ba. Haka nan kada a sa `1'bx` a wayar izini da sunan ba ta da muhimmanci. A gwajin kwamfuta, `if` ɗin da ya ci karo da x yakan ɗauke ta kamar ƙarya ce, rubutun bai faru ba, komai ya yi kyau. Lokacin gina da'irar gaske manhajar tana da ikon mai da ita ɗaya in hakan ya fi mata sauƙi.

Layin `lw` da ba shi da X yana kuma bayyana iyakar zanen gaba ɗaya. A ƙaddara kowace ma'adana tana cin fikosakan 200, ALU 200, karanta rajista 100, rubuta ta 100. `beq` zai gama a 500, `sw` a 700, `lw` sai 800, domin shi kaɗai ke bi ta duk tasha biyar. Agogon kuwa ɗaya ne, dole ya jira mafi jinkiri, sai `beq` ya gama aikinsa ya zauna zaman banza na 300. Wannan asarar ce ta sa furosesoshin kasuwa suka koma jera umarni a layi, wani na shiga kafin wani ya fita. A can ma wayoyin nan ne, sai dai kowace tana rakiyar umarninta daga mataki zuwa mataki, wanda bai gane su a nan ba kuwa can zai ƙara rikicewa.

Hadda tana da wani rauni: jadawalin yana canjawa da canjin na'ura. Makarantu da dama sun koma RISC-V, wadda aka fara a Berkeley a 2010. A cikinta rajistar da za a rubuta wa kullum tana bit 11 zuwa 7, saboda haka `RegDst` ta ɓace ɗungurungum, tsalle kuma ana ƙirga shi daga adireshin umarnin kansa. Mai hadda sai ya sake sabon karatu. Mai bin waya da yatsa zai ga mazaɓi ɗaya ne aka cire.

Ɗalibin da ke son auna kansa ya rufe littafi ya ɗauki `addi`, wanda ke tara rajista da lambar da ke cikin umarni ya zuba a `rt`. Ya cika layinsa, zai tarar ba sai an ƙara waya ko ɗaya ba, kuma wurare biyu kacal ya bambanta da `lw`. Daga nan ya ɗauki `bne`, mai tsalle idan rajistocin ba daidai suke ba. Wannan ba zai shiga jadawalin yadda yake ba, sai an taɓa ƙa'idar `PCSrc`. Ya zana gyaran da hannunsa a takarda, ya bi shi da 75 da 75, ya sake bi da 75 da 2012, kafin ya kai wa malami.